Dala ta sauka, kwanon gero bai sauka ba

*Malam, ni malamar firamare ce a Kano. Kullum sai a ce mana dala ce ta jawo tsada. To na yarda maganin hawan jinin mahaifiyata daga waje yake zuwa, amma gero fa, da kuɗin haya, su ma da dala ake sayo su? Kuma lokacin da dala ta sauka ban ga abin da ya sauka ba. Yanzu ana ta faɗa a rediyo wai hauhawar farashi ta ragu, ni kuwa kuɗin cefanena bai ragu ba. Shin hauhawar farashi da faɗuwar darajar naira abu ɗaya ne ko biyu?*

Malama, biyu ne, sai dai sukan shigo gida tare, shi ya sa ake rikita su. Na yi shekaru a sashen banki da ke hulɗa da masu shigo da kaya kafin in koma koyar da tattalin arziki, kuma a wurare biyun nan na ga masu ilimi da yawa suna haɗa su wuri ɗaya.

Faɗuwar darajar naira magana ce tsakanin naira da kuɗin wata ƙasa: naira nawa za ki bayar a ba ki dala ɗaya, ko riyal, ko sefa. Hauhawar farashi kuwa magana ce tsakanin naira da kaya: naira dubu me da me za ta sayo miki bana, idan aka kwatanta da bara. Ta farkon tana zuwa ne kamar mari, lokaci guda, kuma ba kowane kaya take samu daidai ba, tana bin kayan da dala ta shiga cikin kuɗin samar da su. Ta biyun kamar gara take, tana ci a hankali, tana cin komai, har abin da bai taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba. Shekarun 2023 da 2024 sun nuna mana su duka biyun a fili, saboda haka da su zan yi miki bayani.

A farkon 2023 dala tana da farashi biyu a Najeriya. A hannun Babban Banki kusan naira 460 ce, a Wapa da sauran wuraren 'yan canji kuwa wajen 750. Ranar 14 ga Yuni 2023 Babban Banki ya saki farashin hukuma, kafin ƙarshen watan ya kai wajen 750. A ƙarshen Janairu 2024 aka sake wata faɗuwar, daga wajen 900 zuwa sama da 1,400. A Fabrairu sai da dala ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage, a Afrilu ta dawo ƙasa da 1,200, sannan ta sake komawa wajen 1,500 zuwa 1,700 ta zauna a nan har ƙarshen shekara.

A nan akwai abin da masu sharhi kan tsallake. Idan kika duba farashin hukuma, daga 460 zuwa 1,500 dala ta ninka fiye da sau uku. Amma mafi yawan 'yan kasuwar da na sani ba su taɓa samun dalar 460 ba. Suna cike takardu, su jira wata da watanni, daga ƙarshe su tafi wurin 'yan canji. Saboda haka kayan da ke shagunan Singa da Sabon Gari tun kafin Yuni 2023 da lissafin 750 ake sayar da su. A wurinsu dala ninki biyu ta yi, ba uku ba. Waɗanda faɗuwar farashin hukuma ta doka kai tsaye su ne masu amfani da shi da gaske: man fetur, manyan masana'antu, masu biyan kuɗin karatu a waje, maniyyata, da kuɗin fito na kwastan, wanda ake lissafa shi da farashin Babban Banki. Kujerar Hajji ta nuna abin ƙarara. A 2023 ta kusa naira miliyan 3, a 2024 aka fara da kusan miliyan 5, sai a watan Maris aka ce kowa ya ciko kusan miliyan 2, a 2025 ta haura miliyan 8. Saudiyya ba ta ninka kuɗin masauki da jirgi sau uku ba. Kujerar Hajji kusan dukanta dala ce da riyal, shi ya sa take bin canji sawu da ƙafa.

To yaya ake sanin yadda faɗuwar naira za ta taɓa wani kaya? Tambaya ɗaya ake yi: a cikin kowace naira ɗari ta farashinsa, nawa ce ta fita waje?

Mu ɗauki maganin Hajiya mahaifiyarki. Lambobin da zan kawo na misali ne, don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce katan ɗinsa dala 100 ne a Indiya. Da canjin 750, naira 75,000 ke nan. Dako, hayar shago, albashin yara da riba su ci 25,000, katan ya tsaya a 100,000. Kashi 75 cikin ɗari na farashinsa dala ce. Dala ta koma 1,500, sai 75,000 ɗin nan ta zama 150,000, katan ya koma 175,000, ko da mai mota da mai shago ba su ƙara ko sisi ba. Yanzu ɗauki mai askin unguwarku da ke karɓar 500. Injin askinsa da reza da ɗan man janareta su ne suke da alaƙa da waje, a ce naira 100 a cikin 500 ɗin. Sauran hannunsa ne da hayar rumfa. Dala ta ninka, askin da ya kamata ya koma 600 ne. Magani ya tashi da kashi 75, aski da kashi 20, alhali faɗuwar naira ɗaya ce. Wannan rashin daidaito shi ne tambarin faɗuwar kuɗi. Duk lokacin da kika ga madarar gwangwani, batirin sola, gilashin waya, taya da magani sun yi tsalle cikin mako biyu, amma mai ɗinki da mai garuwa suna nan a farashinsu, to dala ce ta motsa.

Kuma tana da sauri. A Fabrairun 2024 na shiga Singa sayen katan ɗin taliya. Na tambayi farashi, mai shagon bai amsa ba, sai ya ɗaga waya ya kira wani, na ji yana cewa "nawa ta kwana?" Da ya ajiye wayar sannan ya faɗa mini kuɗin, ya ƙara da cewa, "Alhaji, wannan na yanzu ne, in ka je ka dawo bayan la'asar sai mun sake magana." Katan ɗin nan ya yi makonni a shagonsa, da tsohon farashi ya saro shi. Mutane suna kiran wannan zalunci, kuma a cikin 'yan kasuwa akwai azzalumai, ban musa ba. Amma lissafinsa ba na banza ba ne. Idan ya saro katan 100 a kan 6,000 ya sayar a 6,500, ya tara 650,000. Ya koma kamfani ya tarar katan ya zama 9,000, katan 72 kawai zai ɗauko. A littafi ya ci riba, a shago kuwa uwar kuɗi ta zaizaye. Ɗan kasuwa ba da kuɗin da ya sayo yake sa farashi ba, da kuɗin da zai mayar da kayan yake sawa. Taliya kuma, ko da a Legas ko Kano aka yi ta, alkamarta kusan duka daga waje take zuwa. Haka burodi, haka fulawar da kike yin fanke da ita.

Sai gero, wanda ya fi ɗaure miki kai, kuma da gaskiyarki. Ba a shigo da shi, amma dala tana isa gare shi ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce gona da hanya. Maganin ciyawa da na ƙwari daga waje suke. Takin zamani mai haɗi ana shigo da wasu sinadaransa, shi kuma yuriya, ko da a nan ake yinsa, kamfanonin suna iya sayar da shi waje da dala, don haka ba za su ba manomin Ɗambatta shi da arha sosai ba. Motar da ta ɗauko buhun zuwa Dawanau da man dizal take tafiya, tayarta da kayan gyaranta na waje ne. Wannan hanyar tana da jinkiri. Takin da ya yi tsada a daminar bana, sai a kakar bana da bazarar baɗi za ki ji shi a kwano.

Hanya ta biyu ta fi sauri, kuma mu 'yan Arewa ta fi shafa: kan iyaka. Sefar Nijar a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, tun 1999 ba ta motsa ba. Saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi a gaban dala, ta faɗi a gaban sefa. Jaka ɗaya, wato sefa dubu, da ake canzawa wajen naira 1,200 a farkon 2023, ta haura 2,500 a 2024. Ki sa kanki a matsayin ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram. Buhun da ake sayarwa naira 30,000, da sai ya kawo jaka 25, yanzu jaka 12 ta isa. Hatsin Najeriya ya zama rabin kuɗi a wurinsa ba tare da manomi ya rage komai ba. Me zai hana shi saye? Sai ya yi ta ɗiba, farashi ya yi ta hawa, har buhun ya kai inda ɗaukarsa zuwa ƙetare ba riba. A lokacin iyakar a rufe take a hukumance, saboda takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma wanda ya san Jibiya da Maigatari da Illela ya san iyaka ba ƙofa ɗaya gare ta ba. Shi ya sa a farkon 2024 aka yi ta jin labarin kwastan suna tare motocin hatsi. Ashe ba sai ana shigo da kaya dala take taɓa shi ba, ya isa a ce ana iya fitar da shi. Riɗi, zoɓo, citta, wake da shanu duk haka suke. Ke da ke sayen kwano ɗaya a Rimi kina takara ne da mai riƙe da sefa, ba ki sani ba.

Kuɗin haya kuwa ba ya tsallaka iyaka, ba a loda shi a mota. Shi hauhawar farashi ce take kai shi sama, kuma ita tushenta ya fi dala yawa. Wani daga yawan kuɗi ne: shekara da shekaru gwamnatin tarayya tana karɓar bashi kai tsaye daga Babban Banki, har ya kai naira tiriliyan 22.7 da majalisa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango a Mayun 2023. Kuɗin da aka ƙirƙira ba tare da an ƙara buhu ko ɗaya a kasuwa ba, ƙarshensa farashi yake turawa. Wani daga ƙarancin kaya ne: gonakin da 'yan bindiga suka hana nomawa a Zamfara, Katsina da Neja, ambaliyar 2022, tsutsar da kan cinye tumatir. Wani kuma daga mai ne: cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ya kai litar fetur daga ƙasa da 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Sannan akwai abin da ya fi waɗannan wuyar magani, wato sabo. Mai gidan hayarki yana sayen abinci da magani kamar kowa. Da shekara ta zagayo sai ya ƙara, don ya cike giɓin da ya riga ya gani, har ya ɗora na baɗi da yake tsammani. Makarantar yara ta ƙara don malamai sun matsa, mai ɗinki ya ƙara don makaranta ta ƙara. A nan ne marin da dala ta yi sau ɗaya yake rikiɗa ya zama ciwo mai tafiya da kansa. Mai askin nan da lissafi ya ce 600, bayan shekara biyu za ki tarar yana karɓar 1,000, domin shi ma gero yake ci.

In kina son ganin kowanne shi kaɗai, Nijar ce wurin dubawa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa dare ɗaya: faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. A shekarar farashi ya tashi da sama da kashi 30 a Nijar, magani da kayan waje suka fi tashi, amma cikin shekara biyu zuwa uku abin ya lafa, domin ba a bi shi da buga kuɗi ba. Tsalle ɗaya aka yi aka tsaya. A 2023 kuwa sefa ba ta motsa ba ko kaɗan, amma da aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, shinkafa ta yi tsada a Yamai. Wancan faɗuwar kuɗi ce ba tare da doguwar hauhawa ba, wannan tsada ce ba tare da faɗuwar kuɗi ba. Mu a Najeriya duka biyun muka haɗa, ga cire tallafi a kai.

Bari mu zauna da gida ɗaya mu raba masa kuɗinsa, nan ma da lambobin misali. A ce a ƙarshen 2022 gidan yana kashe naira 150,000 a wata. Naira 30,000 tana tafiya a kayan da dala ta yi wa yawa: magani, burodi, taliya, madara, sukari, gas ɗin girki. A ce kashi 70 na wannan dala ce, wato 21,000. Naira 70,000 tana tafiya a hatsi, wake, mai, ƙwai da kuɗin adaidaita, inda dala take da wajen kashi 30, nan ma 21,000. Ragowar 50,000 haya ce da kuɗin makaranta, ruwa, ɗinki da itace, dala a ciki ba ta wuce kashi 10 ba, wato 5,000. In kika tara, naira 47,000 a cikin 150,000 ɗin gidan nan dala ce a ɓoye, 103,000 kuma naira ce zalla.

Dala ta ninka, 47,000 ta zama 94,000. Kashe-kashen gidan ya koma 197,000, ƙarin kashi 31 cikin ɗari, kuma mafi yawansa cikin 'yan watanni zai sauka. Da faɗuwar naira ce kaɗai, da a nan za a tsaya. Amma ɗaya ɓangaren ma ba a zaune yake ba. A ce yana tashi da kashi 25 duk shekara. Bayan shekara ɗaya 103,000 ta zama kusan 129,000, bayan biyu kusan 161,000. Ki lura, ƙarin shekara ta biyu ya fi na farko, domin a kansa yake hawa. Jimla a ƙarshen 2024 ta zama 255,000, ƙarin kashi 70. Wannan bai yi nisa da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba: kashi 28.9 a Disambar 2023 da kashi 34.8 a Disambar 2024, waɗanda in aka ɗora ɗaya kan ɗaya suke ba da wajen kashi 74. Alƙaluman hukumar dama ba sa rarrabewa, duk abin da ya ɗaga farashi, dala ko mai ko fari, a lamba ɗaya suke zuba shi. Abin lura a misalin nan shi ne, daga ƙarin 105,000, dala kai tsaye ta kawo 47,000, sauran 58,000 ta lallaɓo ne ta ɓangaren da ba wanda yake kallo. Kowa ya ji zafin na farko don rana ɗaya ya zo. Na biyun ya fi shi yawa.

Sauya kason kuma sai labarin ya sauya. Gidan da ke da mai ciwon suga ko hawan jini, ko jariri mai shan madarar gwangwani, ko ɗa mai karatu a Masar, faɗuwar naira ta fi yi masa illa nesa ba kusa ba. Gidan ƙauye mai rumbu, da ke cin abin da ya noma, ba ya jin ta sai ranar sayen taki ko zuwa asibiti. Akwai ma waɗanda take yi wa rana: wadda ɗanta ke aiko da riyal daga Jidda, da mai fitar da riɗi, da gwamnatocin jihohi, waɗanda kasonsu na wata ya kumbura saboda dalar man fetur ta koma naira mai yawa. Hauhawar farashi kuwa ba ta duba abin da kike saye, tana duba yadda kuɗi yake shigo miki. Mai tumatir yana sauya farashi kullum, ke albashinki sai an yi zama an yi yajin aiki. Mafi ƙarancin albashi ya zauna a 30,000 tun 2019 har Yulin 2024 da aka mai da shi 70,000. A 2019 wancan 30,000 ɗin ya haura dala 80, a ƙarshen 2024 sabon 70,000 bai kai dala 50 ba. 'Yan fansho da masu ajiya a banki su ne suka fi shan wuya. Ko adashi bai tsira ba. Ku goma sha biyu kuna zuba 20,000 duk wata, ta farko ta kwashi 240,000 mai cikakken ƙarfi, ta ƙarshe ta kwashi 240,000 da, in farashi ya tashi da kashi 30 a shekarar, ba za ta sayi abin da 185,000 take saye a farko ba. Ba wadda ta cuci wata, amma ta ƙarshen ta yi wa ta farkon kyauta.

Me ya sa da dala ta sauka a Afrilun 2024 ba ki ga sauƙi ba? Na farko, saukar ba ta daɗe ba. Kayan da ke shago an saro su da dalar 1,600 ko fiye, kuma daga biyan kuɗi a waje zuwa isowar kwantena Kano wata biyu ne zuwa uku. Kafin sabon kaya mai arha ya iso, a watan Mayu dala ta koma wajen 1,500. Ɗan kasuwar da ya ƙi ragewa shi ya yi daidai, kuma ya koyi darasin da zai sa gobe ma ya ƙi. Na biyu, ki koma kan katan ɗin maganin nan. Ko da dala ta sauko daga 1,500 zuwa 1,200 ta zauna, ɓangaren dala ne kawai zai ragu, daga 150,000 zuwa 120,000. Ɓangaren naira da yake 25,000 a lokacin ya riga ya zama 40,000, don dako da haya sun tashi, kuma ba sa komawa. Katan ya tsaya a 160,000. Dala ta sauka da kashi 20, magani bai sauka da kashi 10 ba. Na uku, inda masu shigo da kaya ba su da yawa, kamar sukari da fulawa, ba mai tilasta wa wani ya rage. A kasuwar waya, inda shaguna suke ɗaruruwa kuma kowa yana leƙen farashin maƙwabcinsa, ragin yakan fi saurin bayyana.

Farashi yakan sauka fa, amma ta wata ƙofar. A 2025 masara da shinkafa da gero sun sauko ƙwarai, har manoma suka koka cewa ba su mayar da kuɗin taki ba. Ba dala ce ta koma 750 ba. Kaka ta yi kyau, gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu hatsi na wani lokaci tun daga tsakiyar 2024, waɗanda suka ɓoye kaya suna jiran tsada kuma suka fito da shi. Hatsi yana sauka idan ya yi yawa. Haya, kuɗin makaranta da ladan aiki kuwa ban taɓa ganin sun koma baya ba.

Maganar rediyo kuma, ba ƙarya suke yi ba, kalmar ce take yaudara. Abin da hukumar take aunawa saurin tashi ne, ba tsayin farashi ba. Kwano yana 1,000, ya tashi da kashi 34, ya zama 1,340. Shekara ta gaba hauhawa ta "ragu" zuwa kashi 24, kwano ya zama 1,660. Mota ce ta rage gudu, amma gaba take yi, ba baya ba. Ƙari a kan haka, a farkon 2025 hukumar ta sabunta ma'auninta, ta mayar da shekarar kwatance daga 2009 zuwa 2024, ta kuma rage nauyin da abinci yake da shi a lissafin. Shi ya sa lambar ta faɗo daga 34.8 a Disamba zuwa wajen 24.5 a Janairu. Sabunta ma'auni abu ne da ya kamata, har ya yi latti, amma ba abin da ya sauya a kasuwa tsakanin watannin biyu. Kuma gidan da abinci ke cinye fiye da rabin kuɗinsa, hauhawarsa ta gaskiya ta fi bin farashin abinci, wanda ya haura kashi 40 a tsakiyar 2024, fiye da lambar da ake karantawa a labarai.

Amfanin rarrabe su a gidanki shi ne sanin abin da za ki gaggauta da abin da za ki jira. Maganin Hajiya ba shi da kaka, canji yake bi. In kika ga tazara tana buɗewa tsakanin farashin dala na hukuma da na 'yan canji, kamar 460 da 750 ɗin nan, alama ce cewa ana tare ruwa ne da hannu, kuma sayen na wata biyu ko uku yana da ma'ana, muddin kin duba ranar lalacewarsa kuma a kantin da kika amince da shi, domin tsada tana fito da jabu. Ki tambayi likitanta ko akwai irinsa da ake yi a gida, ko mai sunan sinadari ba na kamfani ba, yakan fi arha ƙwarai, amma kada a sauya mata ba da saninsa ba. Hatsi kuwa lokaci yake bi: a yawancin shekaru ya fi arha daga Nuwamba zuwa Janairu, ya fi tsada daga Yuni zuwa Agusta. Sai dai wannan ma ba doka ba ce, waɗanda suka tara masara a ƙarshen 2024 don su sayar da tsada sun tafka asara. Ki sayi na ci, ba na caca ba. Sayen dala don ajiya ma haka: wanda ya saya a 1,800 a Fabrairun 2024 ya wayi gari a Afrilu kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ya tafi. Haya kuma, tunda kin san ba za ta sauka ba, in mai gida zai yarda ku ƙulla shekara biyu a farashi ɗaya a rubuce, ke ce da riba. A adashi, in ana jefa ƙuri'a shi ke nan, in kuwa zaɓi ake bayarwa kuma kina da abin da za ki saya, ki nemi ɗaukar farko-farko.

Allah Ya ba Hajiya lafiya.